Kalmar sirri biyu, suna ɗaya

Juya sabuwar rauta ka duba takardar da aka manna a gindinta. A kan da yawa daga cikinsu za ka ga kalmar Password sau biyu, mu kuwa duka biyun "kalmar sirri" muke ce musu. Wannan haɗa suna shi ke sa mutane su canja ɗaya su bar ɗayar.

Ta farko ita ce ta waifai, wadda baƙo ke tambaya idan datarsa ta ƙare. Ta biyu ta shiga saitin rautar ce kanta. Waccan makullin zaure ce, wannan ta ɗakin maigida. Za ka haɗa wayarka da rautar, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin da ke kan takardar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. A tsofaffin samfura da dama, suna admin ne, kalmar sirri ma admin, kuma duk mai gyaran waya ya san haka. In ka bar ta, duk wanda ka ba waifai zai iya shiga ya sauya komai, har ya kulle ka waje, sai ka danna Reset ka fara daga farko. Ita za ka fara canjawa.

Sunan da waya ke nunawa a jerin waifai kuwa, a saiti SSID ake kiransa, kuma ba ya wuce haruffa 32. Na masana'anta yakan ɗauki sunan kamfanin, ya faɗa wa mai wucewa irin na'urar da ke gidan. Ni dai ba na son a maye gurbinsa da "Gidan Alhaji Wane" ko lambar waya, domin rautar tana shelanta sunan nan dare da rana ga duk wayar da ke kusa. Zaɓi wanda 'yan gida kaɗai za su gane. Idan ka ga sunan ya fito sau biyu, ɗaya da _5G a ƙarshe, ba 5G ta kamfanonin layi ba ce. Zangon 5 GHz ake nufi, ya fi sauri amma bai kai 2.4 GHz ratsa bango ba.

Sai wurin da aka rubuta Security, inda ake zaɓar irin tsaron waifai. WEP ya zo a 1997 da alƙawarin sirri daidai da na intanet ta igiya, abin da sunansa ke nufi ke nan, amma yau cikin mintoci ake fasa shi. WPA2 na 2004 ne, WPA3 na 2018. Zaɓi WPA3, in tsohuwar wayar gidan ta ƙi haɗuwa ka koma WPA2/WPA3 ko WPA2-PSK. PSK na nufin makulli ɗaya da kowa ya riƙe, saboda haka tsawonsa ne ƙarfinsa. Yana karɓar haruffa 8 zuwa 63, kuma kalmomi huɗu marasa alaƙa da juna sun fi shekarar haihuwa nesa ba kusa ba. Da ka danna Save wayarka za ta yanke, sai ka nemi sabon sunan ka sake shiga.