Girelin da leftin: sinadaran da ke tsara yunwa da ƙoshi daga asuba zuwa dare

Mutane da yawa na ɗauka cewa yunwa na zuwa ne kawai idan ciki ya zama wayam. Amma duk mai azumi ya san wani abu dabam: yunwa kan taso da ƙarfi wajen azahar, sannan ta lafa kafin la'asar ba tare da an ci komai ba. Bayanin wannan yana ga wasu sinadarai biyu da jiki ke sakawa cikin jini don aika saƙo ga ƙwaƙwalwa, wato girelin da leftin.

Girelin daga tumbi yake fitowa. Masu bincike na ƙasar Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, su ne suka gano shi a shekarar 1999. Saƙonsa shi ne lokacin cin abinci ya yi. Shi kuwa leftin, kitsen jiki ne ke samar da shi, kuma ayarin Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller ta Amurka ne ya gano shi a 1994. Aikinsa ya yi kama da na mai leƙa rumbu: yana shaida wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ta rage a jiki. Dukansu biyu suna isar da saƙo ga wani ɗan yanki guda da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ake yanke shawarar a nemi abinci ko a dakata.

Yini guda a Sarkin Yamma

A ɗauki misalin manomi a ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, lokacin noman hatsi. Ya saba shan koko da safe, a kai masa hura gona da rana, ya ci tuwo bayan magariba. Girelin nasa zai hau sau 3 a yini, gab da kowane ɗaya daga waɗannan lokuta, ya kuma sauka cikin kamar awa guda bayan cin abincin. Sabo ne ya tsara wannan agogo. In ya sauya lokutan cin abincinsa ya ɗore a kai, sannu a hankali hawan girelin zai koma sabbin lokutan.

A ce ranar an makara da kawo hura. Girelin zai hau a lokacin da ya saba, ciki ya yi ƙugi, hankali ya koma kan hanya ana duban mai kawo ƙwarya. Idan hurar ba ta iso ba, bayan awa ɗaya ko biyu sinadarin zai sauka da kansa. Wannan ne ya sa yunwar mai azumi take zuwa tana komawa, kuma kwanakin farko na watan Ramadan suka fi wuya, domin jiki na nan yana jiran abincin rana.

Ruwa zalla yana cika tumbi ya kwantar da yunwa na ɗan lokaci, amma ba ya sauke girelin yadda abinci ke yi. Sai abin gina jiki ya wuce tumbi ya shiga hanji sannan sinadarin yake sauka sosai. Irin abincin ma yana da tasiri. Sukari da sitaci suna sauke shi da sauri, amma yakan dawo sama bayan ƴan awoyi. Abinci irin su wake, nono, ƙuli-ƙuli, ƙwai da kifi suna danne shi ya daɗe a ƙasa. Mai kuwa, duk da nauyinsa, shi ne ya fi rauni wajen sauke shi. Saboda haka manomin da ya sha koko mai sukari kaɗai zai riga maƙwabcinsa da ya haɗa da ƙosai jin yunwa, kuma hura mai isasshen nono ta fi wadda aka dama da ruwa riƙe ciki. Haka lissafin yake a sahur.

Leftin ba ya sauri

Ana yawan kiran leftin sinadarin ƙoshi, amma ba shi ne ke sa mutum ya janye hannu daga akushi ba. Wannan aikin buɗewar tumbi ne da wasu sinadarai na hanji, kuma saƙonsu kan ɗauki mintoci kafin ya kammala isa, shi ya sa mai ci da gaggawa yake wuce ƙima. Leftin a hankali yake tafiya. Yana ƙasa wajen tsakar rana, ya kai ƙololuwa tsakanin tsakar dare da asuba, abin da ake ganin yana taimakawa mutum ya kwana awoyi ba tare da yunwa ta tashe shi ba.

Ƙarfinsa ya fi bayyana idan ya ragu. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aiki kuma ya yi yawa, manomi yana ramewa, leftin yana faɗuwa. Ƙwaƙwalwa sai ta ƙara yunwa, ta kuma rage ƙarfin da jiki ke kashewa. Idan abin ya yi tsanani, mace na iya daina ganin al'ada. Haka ma mai rage ƙiba da gangan yake fama: leftin ya sauka, girelin ya hau, jiki yana neman mayar da abin da ya rasa. A ɗaya ɓangaren, mai ƙiba yana da leftin da yawa a jini, amma ƙwaƙwalwarsa ta daina jin saƙon sosai. Don haka ƙara masa leftin ba ya rage ƙiba, sai ga tsirarun da aka haifa babu shi, irin yara 2 ƴan dangi ɗaya da likitocin Cambridge ta Ingila suka bayyana a 1997.

Barci ma yana cikin lissafin. A wani gwaji na jami'ar Shikago da aka wallafa a 2004, samari 12 sun yi dare biyu suna kwanciya awa 4 kawai. Da aka kwatanta da lokacin da suka samu awa 10, leftin ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma sun fi kwaɗayin kayan zaƙi da sitaci. Gwajin ƙarami ne, amma ya dace da abin da masu gadi, direbobin dare da masu doguwar hira a fada suke ji washegari.

Lokacin da agogon ya lalace

Yunwa ta al'ada tana zuwa a kan lokaci, ta tafi bayan an ci. Wadda ba ta tafiya, tare da ƙishirwa, yawan fitsari da rama, tana iya zama alamar ciwon sukari, kuma gwajin jini a gidan likita ne zai tabbatar.

Akasin haka ya fi haɗari ga yara. Yaron da tamowa ta kama yakan kasance da girelin mai yawa, amma cuta da kumburin cikin jiki suna iya toshe sha'awar cin abinci. Wani bincike da aka yi a asibitin Mulago na Kampala, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa yaran da leftin nasu ya fi ƙasa, wato ajiyar kitsensu ta kusa ƙarewa, su ne suka fi fuskantar mutuwa. A cibiyoyin kula da tamowa na jihar Maraɗi ba a auna waɗannan sinadarai. Ana auna damtse, a duba kumburin ƙafa, sannan a ba yaron abincin gyaɗa na musamman a gani ko zai ci. Wanda ya ci ana iya kula da shi a gida, wanda ya ƙi kuwa sai an kwantar da shi. Don haka ramammen yaro da ya daina kukan yunwa ba ƙoshi ya yi ba, kuma bai kamata ya kwana ba a kai shi likita ba.