Lissafin abinci da ruwan mai wankin ƙoda

Lissafin yana farawa ne daga nauyin majiyyaci bayan an gama wanki, lokacin da na'ura ta zuƙe ruwan da ya taru a jikinsa. Nauyin da aka auna kafin wanki yaudara ne, domin akwai ruwa a ciki.

A ɗauki mutum mai kilo 60. Da yake wanki yana tafiya da wani ɓangare na furotin, ana ba shi giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo, wato giram 60 zuwa 72 a yini. Ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 zuwa 7 ba.

Ruwa kuwa, ana auna fitsarin awa 24, a ƙara mililita 500. Idan ya yi 300, rabonsa 800 ke nan, kuma koko da miya da shayi duk suna ciki, abin da masu jinya suka fi mantawa. Kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi alamu ne na an wuce iyaka.

Fotasiyam yakan tsaya wajen miligiram 40 a kowane kilo, wato 2,400, amma gwajin jini ne yake sa likita ya rage ko ya ƙara, saboda yawansa yana iya tsayar da zuciya. Ayaba da dabino da dankali suna da shi sosai. Dankalin akan yanka shi ƙanana, a tafasa, a zubar da ruwan.