Hoton nan Kaka ne ko ba shi ba ne? Yadda ake gano shekarun tsohon hoto

1/ Kusan kowane gida a Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi akwai tsohon hoto baƙi da fari da ake cewa "wane ne yana saurayi". Sau da yawa ji kawai aka yi. To hoton da kansa yana ɗauke da shaidar lokacinsa. Ga zare kan yadda na bi wani na gidanmu.

2/ Saurayi ne a tsaye gaban labule, hannunsa ɗaya kan rediyo mai kaset. Wasu a gida sun ce kakanmu ne, har ana shirin faɗaɗa hoton a rataye da sunansa. Mutum uku yake iya zama: Kaka, ƙanensa, ko babban ɗansa. Duk sun rasu, Allah ya jiƙan su. Kama kuwa, duk fuskar gida ce.

3/ Ka fara juya hoton tukun, bayansa ya fi gabansa magana. Namu akwai hatimin mai hoto da Turanci: Ƙaura Namoda, Jihar Arewa maso Yamma. An ƙirƙiri jihar nan a 1967, aka raba ta a 1976 muka koma Jihar Sakkwato, sai Zamfara a 1996. Ke nan muna tsakanin 1967 da 1976.

4/ A kusurwa an rubuta ₦1 da fensir. Naira ta fara aiki 1 ga Janairu 1973. Kafin nan fam da sule ake yi, sule biyar ma 5/- ake rubuta shi. Tazarar ta matse ke nan, 1973 zuwa 1976. Na ƙara shekara biyu a sama, don mai hoto ba ya jefar da hatimi ranar da gwamnati ta sauya suna. Sai ya cinye.

5/ Sai takardar. Girman katin gaisuwa ce, wajen santimita 9 da 14, da farin gefe. Ku shafa bayan naku. Tsohuwar takarda kamar kwali take, tana lanƙwashewa. Mai santsi kamar an shafa mata roba sai cikin shekarun 1970 ta bazu. Namu mai santsin ce, ta yi daidai da hatimin.

6/ Amma fa a nan tarkon yake. Hatimi da takarda ranar wanki suke gaya maka, ba ranar ɗauka ba. Mutane kan kai tsohon hoto a sake ɗaukarsa. Alamar ita ce ka ga tsaga ko lanƙwasa a cikin hoton, ka shafa ka ji sumul, fuskar kuma ta yi dishi-dishi. Namu ba haka, har zaren labulen ana gani.

7/ Yanzu gaban hoton. Riga ce mai ƙatuwar kwala, wando ya kama cinya ya buɗe a ƙasa, takalmi mai tudu, ga suma an tara. Yayin samarin shekarun 1970 ne sak. Rediyo mai kaset ma ba zai shiga hoton shekarun 1950 ba, don kaset ɗin kansa sai 1963 kamfanin Philips ya fito da shi.

8/ Ƙa'ida ɗaya: abu mafi sabunta a hoto shi ke yanke hukunci. Tufafi na cewa "ba a ɗauke ni kafin kaza ba", amma ba sa cewa "bayan kaza". Yayi na daɗewa a ƙauye, wani kayan ma na aro ne a shagon mai hoto. Babbar riga da rawani kuwa ba sa taimako sosai, sun daɗe ba su sauya ba.

9/ Sai lissafi. Saurayin bai wuce 20 zuwa 25 ba, gemu bai cika ba. Cire wannan daga 1973 zuwa 1978, haihuwarsa ta faɗa tsakanin 1948 da 1958.

10/ Kaka, kowa a gida ya san an haife shi shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, wato 1929. A 1973 yana da 44, da iyali cike da gida. Ya fita. Ƙanensa an haife shi ƙarshen yaƙin Hitila, 1945, zai kai 28 ko fiye. Yana bakin layi. Babban ɗan kuwa yana ɗan shekara bakwai aka samu 'yancin kai a 1960, ke nan 1953. Shi ya faɗa tsakiya.

11/ Iyakar abin da hoton zai iya ke nan: ya cire mutum ɗaya, ya fifita ɗaya, bai kore na ukun gaba ɗaya ba. Kiyasin shekaru daga fuska na iya kaucewa da biyar. Sauran aikin na tsofaffi ne. Kuma kar ka ce "Inna, wane ne ko?", za ta ce e. Miƙa mata ka ce "wa kika gani?"

12/ In za ku ɗauki naku a waya, ku ɗauki gaba da baya, har da gefuna, kar ku yanke. Suna kuma da fensir a bayansa, biro na huda takarda. Mai hoto da hatimin Ƙaura ko Gusau ya duba wace jiha aka rubuta, daga nan zai fara.