Yadda za ku karanta lambobin kwanan wata da lambar rukuni a jikin magani

A gefen kwalin magani, ko a bakin katin ƙwayoyi, ko a ƙasan kwalba, za ku ga wasu lambobi da aka buga da baƙin tawada ko aka danna su a jikin takardar. Yawanci abubuwa uku ne: ranar da aka yi maganin, ranar da wa'adinsa zai ƙare, da kuma lambar rukuni, wato lambar da kamfani ke bai wa duk maganin da aka haɗa a zubi ɗaya. Idan an rubuta watan da haruffa, kamar `EXP MAR 2027`, babu wata wahala. Matsalar tana zuwa ne idan an cure kwanan watan ya zama lambobi shida ko takwas a jere, babu tazara, babu sunan wata.

Ku fara da haruffan da ke gaban lambar

Lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai. Haruffan da ke gabanta su ne ke nuna ko mece ce. `MFG`, `MFD` ko `Mfg. Date` na nufin ranar da aka yi maganin. `EXP` na nufin ƙarewar wa'adi. `BN`, `B.No.`, `Batch` ko `LOT` kuwa lambar rukuni ce. Maganin da aka yi wa rubutun Faransanci, irin wanda ake samu a Maraɗi da Damagaram kuma yake tsallakowa kasuwannin kan iyaka, yana ɗauke da `Fab.` don ranar yi, `Exp.` ko `Pér.` don ƙarewar wa'adi, da `Lot` don rukuni.

A kan sirinji, da tsinken gwajin sukari, da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa zane ake sawa maimakon haruffa. Zanen ƙaramin ginin masana'anta yana nuna ranar yi. Zanen agogon yashi, wato kwalba mai siririn tsakiya, yana nuna ƙarewar wa'adi. Irin waɗannan kaya kan fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar `2027-03-15`.

Akwai lamba ta huɗu da ke ruɗa mutane, wadda ke bayan `NAFDAC Reg. No.` Wannan lambar rajistar maganin ce a Najeriya. Ba ta canzawa daga zubi zuwa zubi, kuma ba ta da alaƙa da kwanan wata.

Lambobi shida a jere: misali daga farko zuwa ƙarshe

Kwalayen magani da yawa yanzu suna da wani ɗan zane mai kusurwa huɗu cike da ɗige-ɗige wanda na'ura ke karantawa, kuma a gefensa akwai layukan lambobi. Wannan tsarin GS1 ne, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da dama. A cikinsa kowane layi yana farawa da lamba biyu a cikin baka, kuma su ne ke taka rawar da haruffa ke takawa. A ce kun sayo wa mahaifinku maganin hawan jini, kun ga wannan:

```
(11)230629
(17)250628
(10)KT2306A
```

`(11)` ranar yi ce, `(17)` ƙarewar wa'adi, `(10)` lambar rukuni. Idan kun ga `(01)` da doguwar lamba a bayanta, wannan lambar shaidar samfurin ce, ku wuce ta.

A wannan tsari ana fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, kowanne da lamba biyu. Don haka ku raba `250628` gida uku: 25, 06, 28. Shekarar 2025 ke nan, wata na shida, rana ta 28. Wa'adin maganin ya ƙare ranar 28 ga Yuni, 2025.

Ga inda hatsarin yake. Mu a nan mun saba fara rubuta rana, sai wata, sai shekara. Wanda ya bi wannan sabo zai karanta lambar a matsayin 25 ga Yuni, 2028, ya ɗauka maganin yana da sauran shekara uku a kan ainihin wa'adinsa. Duka karatun biyu suna kama da kwanan wata na gaske, shi ya sa ido ba ya kama kuskuren.

Hanyar kama shi ita ce ku gwada karatunku a kan ɗaya layin. Idan kuka karanta `230629` da rana a farko, zai ba ku 23 ga Yuni, 2029, wato an yi maganin bayan wa'adinsa ya ƙare da shekara guda. Hakan ba zai yiwu ba. Idan kuka karanta da shekara a farko, zai ba ku 29 ga Yuni, 2023, kuma tsakaninsa da 28 ga Yuni, 2025 shekara biyu ne cif. Yawancin magunguna ana ba su wa'adin shekara biyu zuwa uku, wasu har biyar. Duk karatun da ya ba ku tazara mai nisa da wannan, ko ya kai ranar yi gaba da yau, ku sake dubawa.

A wasu kwalaye za ku ga ranar ta zama sifili biyu, kamar `(17)270300`. Ba kuskuren bugu ba ne. Ma'anarsa ba a ƙayyade rana ba, don haka wa'adin yana kaiwa ƙarshen Maris, 2027. Haka ma `EXP 03/2027`: an saba ɗaukarsa zuwa ranar ƙarshe ta watan. Amma idan an rubuta `Use before 03/2027`, to kafin Maris ya kama ake nufi, wato ƙarshen Fabrairu.

Lambobi takwas sun fi sauƙi, domin shekarar tana fitowa cikakkiya. `20240315` shi ne 15 ga Maris, 2024, kuma haka kayan da aka yi a Sin suka fi rubutawa. Wanda ba ya warwaruwa da ido shi ne irin `03/04/27`. A tsarinmu da na Birtaniya 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Idan ɗaya daga lambobi biyun farko ta wuce 12, ita ce ranar, tunda babu wata na 13. Idan duka biyun ba su wuce 12 ba, ku duba ƙasar da aka yi kayan, ko ku ɗauki wanda ya fi kusa a cikin biyun.

Lambar rukuni ba kwanan wata ba ce

A misalin da ke sama, `KT2306A` tana ɗauke da 2306, kuma an yi maganin a watan shida na 2023. Wasu kamfanoni suna cusa shekara da wata a lambar rukuninsu haka. Wasu, musamman masu yin abincin gwangwani da man shafawa, suna ƙirga ranakun shekara daga 1 zuwa 365 ko 366, ta yadda `4075` kan iya nufin rana ta 75 a 2024, wato 15 ga Maris. Sai dai babu wata ƙa'ida da ta tilasta hakan. Kowane kamfani yana da nasa tsarin, wasu kuma ƙirga ce kawai ta zubi bayan zubi. Saboda haka kada ku taɓa fitar da wa'adin magani daga lambar rukuni. Idan `EXP` ya goge ko babu shi, maganin ba na sha ba ne, ko da lambar rukunin ta yi kama da kwanan watan bana.

Amfanin lambar rukuni yana wani wuri dabam. Idan aka gano matsala a magani, hukuma takan ambaci rukunin da abin ya shafa. A watan Afrilu na 2024 hukumar NAFDAC ta ba da umarnin janye wani rukuni na maganin tarin yara mai suna Benylin Paediatric, bayan ta ce gwajinta ya nuna sinadarin da ke lalata ƙoda a cikinsa. Lambar rukunin ita ce `329304`, an yi shi a watan Mayu na 2021, wa'adinsa kuma Afrilu na 2024. Daga baya hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu, inda aka yi shi, ta ce nata gwajin bai ga sinadarin ba. Abin lura a nan biyu ne. Lambobi shida ne, amma ko ta ina kuka raba su ba su da alaƙa da ranar yi ko ta ƙarewa. Sannan uwar da ke da kwalbar a gida, wannan lambar ce kaɗai za ta gaya mata ko tata tana cikin waɗanda aka janye.

Don haka idan magani ya yi wa wani naku illa, ko kuna zargin na jabu ne, ku zo asibiti da kwalin ko kwalbar. Likita ko mai harhaɗa magani zai buƙaci sunan maganin, kamfanin, lambar rukuni da wa'adi kafin ya kai rahoto.

Abin da za ku duba kafin ku bar kyamis

Ku buɗe kwalin ku gwada lambobinsa da na katin da ke ciki. Lambar rukuni da wa'adi dole su zama iri ɗaya a wurare biyun. Idan sun saɓa, ko dai an zuba tsohon kati a sabon kwali, ko kuma kayan ba na gaske ba ne. A jikin kati lambobin sukan kasance a danne a baki ɗaya, babu tawada, sai kun karkata shi ga haske za ku gani. A bututun man shafawa suna can ƙarshe inda aka matse.

Wannan ne ya sa yankan kati yake da matsala. Idan mai kyamis ya yanko muku ƙwaya huɗu daga cikin goma, mai yiwuwa ɓangaren da ke da lambobin ya rage a wurinsa. Ku ce ya nuna muku kafin ya yanka, ku rubuta ko ku ɗauki hoto da waya. A gida kuma ku fara ɓallar ƙwayoyi daga ɓangaren da ba shi da lambobi, kada ku yanke bakin katin.

Ku shafa wurin kwanan watan da yatsa. Ƙaramar takarda da aka liƙa a kansa, ko alamar kankara, ko lamba ɗaya da tawadarta ta fi sauran kauri, duk dalili ne na mayar da maganin. Masu sauya wa'adi galibi lambar ƙarshe ta shekara suke taɓawa.

Wa'adin da aka buga yana aiki ne ga maganin da ba a buɗe ba, kuma aka ajiye shi yadda takardarsa ta ce. Yawancin ƙwayoyi ana so su zauna ƙasa da digiri 25 ko 30, zafin da ɗaki mai rufin kwano ke wucewa cikin sauƙi a watan Afrilu. Da zarar an buɗe, wani lissafin ke farawa. Maganin ɗigawa a ido yawanci mako huɗu ne bayan buɗewa. Garin maganin ƙwayoyin cuta na yara da ake zuba wa ruwa yakan yi kwana 7 zuwa 14, gwargwadon abin da ke jikin kwalbar. Allurar insulin da aka fara amfani da ita galibi kimanin kwana 28 ce. Ku rubuta ranar da kuka buɗe a jikin kwalbar da biro, kuma ku rubuta watan da haruffa.