Yadda ake sake rubuta sharuɗɗan shagon intanet don mai saye ya san haƙƙinsa

Sharuɗɗan ciniki su ne rubutun da shagon intanet yake kafawa domin bayyana yadda ake biya, yadda ake kai kaya, da abin da zai faru idan ciniki ya lalace. A manyan shaguna suna da shafi nasu. A wurin 'yan kasuwar Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa da ke tallata atamfa, takalma ko wayar hannu ta WhatsApp da Facebook, galibi layi biyu ne a ƙarƙashin hoton kaya, ko dogon rubutun Turanci da aka kwafo daga wani shagon Legas ba tare da mai shagon ya karanta shi ba. Kowanne aka ɗauka, ƙarshensa yakan zama jumla guda: kayan da aka saya ba a mayar da su, kuɗin da aka biya ba a dawo da su.

Sake rubuta irin waɗannan sharuɗɗa ya wuce sauya kalmomi masu wuya da masu sauƙi. Yawancin duhun da ke cikinsu ya samo asali ne daga abubuwan da mai shago bai yanke shawara a kansu ba tun farko, kamar wanda zai biya kuɗin mota idan kaya suka dawo. Sai ya yanke, sannan jumla za ta fito a sarari.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ta shafi wannan ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 114 ya ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Ma'aunin da sashen ya kafa shi ne mutumin da aka yi rubutun dominsa, mai matsakaicin karatu, wanda bai goge da sayen irin wannan kaya ba: idan zai gane abin da ake nufi ba tare da wahala ba, rubutun ya cika sharaɗi. Shagon da yawancin masu sayensa Hausa suke ji, ya kafa musu Turancin lauyoyi, da wuya a ce ya kai wannan ma'auni.

Sashe na 122 shi ne ya fi dacewa da cinikin intanet. Wanda bai sami damar duba kaya kafin a kawo masa ba yana iya ƙin karɓa cikin lokacin da hankali zai ɗauka, a mayar masa da kuɗinsa cif, idan kayan ba su yi daidai da siffar da aka faɗa ko samfurin da aka nuna ba. Sashe na 132 kuma ya ba da wata uku daga ranar da aka kai kaya: idan aibi ya bayyana a cikinsu, mai saye yana iya mayar da su ba tare da tara ba, ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa, shi kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 129 ya hana sanya sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da dokar ta ba shi. Saboda haka jumlar nan ta "ba a mayar da kuɗi", ko da an rubuta ta da Hausa mafi daɗi, ba ta kare mai shago idan kayansa na da aibi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwar da ya yi karatun zaure, domin malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da ɓoyayyen aibi.

Akwai kuma abin da dokar ba ta bayar ba, kuma masu saye kan yi kuskure a nan. A ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ko da babu dalili. Dokar Nijeriya ba ta ba da wannan dama ga duk wanda ya karɓi kaya lafiyayyu sannan ya ji ba ya so. Idan shago ya yarda da hakan, alheri ne daga gare shi, kuma yana da ikon kafa iyakarsa.

Misali: shagon atamfa a Kazaure

A ɗauka wata 'yar kasuwa ce a Kazaure take saro atamfa daga Kantin Kwari a Kano, tana sayarwa ta waya. Wata ma'aikaciya a Babura ta ga hoto, ta tura naira 25,000 na turmi ɗaya mai yadi shida, da naira 2,000 na kuɗin saƙo. Tsohon rubutun shagon, idan aka juya shi zuwa Hausa yadda yake, cewa yake yi: kamfani ba zai ɗauki alhakin kowace irin asara ko jinkiri ba, kuma duk wani mayar da kuɗi yana ƙarƙashin ganin damar kamfani. Babu kwanaki a ciki, babu adadin kuɗi, babu sunan wanda zai yi wani abu.

Matakin farko shi ne a raba matsalolin da jumlar ta cure wuri guda. Atamfar na iya zuwa ba irin ta hoton ba. Tana iya zuwa daidai amma da aibi. Tana iya zuwa lafiya ƙalau mai sayen ta sauya ra'ayi. Hukuncinsu daban-daban ne, don haka kowacce tana buƙatar jumlarta. Ga yadda sabon rubutun zai iya kasancewa:

"Idan abin da muka aiko ba shi kika gani a hoto ba, ko yadinsa bai cika shida ba, ki turo mana hotonsa kafin ki kai wa tela. Za mu mayar miki da kuɗinki duka, har da kuɗin saƙo, kuma mu za mu biya kuɗin dawo da shi. Idan aibi ya bayyana cikin wata uku da karɓa, kamar zubar launi a wankin farko, za mu musanya miki ko mu mayar da kuɗin. Idan atamfar lafiya take amma kin fasa, muna karɓa cikin kwana uku matuƙar ba a yanka ba, ba a wanke ba. A nan ke za ki biya kuɗin mota zuwa da dawowa."

Jumlar zubar launi ita ce ta fi muhimmanci a rubutun. Shaguna da yawa kan rubuta cewa duk wani ƙorafi sai cikin awa 24. Wannan wa'adi zai iya taimakawa ga abin da ido ke gani nan take, kamar yagewa ko saɓanin zane, amma atamfar da ke zuba ba ta nuna halinta sai ta shiga ruwa, watakila bayan mako biyu an ɗinka an sa. Sharaɗin awa 24 ba zai share wata ukun da doka ta bayar ba, kuma rubuta shi ba tare da bambancewa ba yakan sa mai saye ta haƙura da abin da yake haƙƙinta ne. A ɗaya gefen, mai shagon tana da damar faɗa a fili cewa hasken waya kan ɗan sauya launi. Sai dai bambanci tsakanin shuɗi mai haske da mai ɗan duhu daban ne da a nuna shuɗi a aiko kore.

A lura kuma da yadda aka gina jumlolin. Kowacce tana da mai aiki: "za mu biya", "ke za ki biya". Siga irin ta "za a duba" ko "za a mayar" ita ce mafakar mai son zillewa, domin ba ta ɗaura wa kowa nauyi.

Ina ne kai kaya ya ƙare?

A wannan yanki, kai kaya yakan zama miƙa ƙunshi ga direban motar haya a tasha, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin leda. Mai shago tana ganin aikinta ya ƙare da zarar mota ta tashi, mai saye kuwa tana ganin bai ƙare ba sai kaya sun shiga hannunta. Tsakanin waɗannan fahimta biyu ne ƙunshi kan ɓata, ko ya kwana a tasha, ko direba ya nemi ƙarin kuɗi a wurin mai karɓa alhali an riga an biya.

Rubutun da ya dace sai ya faɗi wurin da sunansa: tashar motar Babura, ko ƙofar gida. Ga mai saye da ke wani ƙauye a Roni ko Gwiwa, a bayyana cewa kaya za su tsaya a tashar gari, shigar da su ciki kuma da babur ne a kan kuɗin wane. A faɗi kwanakin da lamba, a kuma faɗi ranar da ƙirga ke farawa: "cikin kwana biyu daga ranar da kuɗinki suka shigo". Kalmar "ba da jimawa ba" ba wa'adi ba ce. Sannan a rubuta abin da zai biyo baya idan wa'adi ya wuce, misali cewa bayan kwana biyar mai saye na iya fasawa ta karɓi kuɗinta. Game da ɓatan kaya a hanya, adalci shi ne wanda ya zaɓi direba ya ɗauki nauyi, kuma tunda mai shago ce kan zaɓa, ya fi mata mutunci ta rubuta hakan da kanta. Idan mai saye ce ta turo nata direban, sai a rubuta cewa nauyin shago ya ƙare da miƙa masa.

Mayar da kuɗi ma yana buƙatar irin wannan ƙididdiga: kwana nawa bayan kaya sun dawo, kuma cikin asusun da aka turo kuɗin daga gare shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana kare mai shago daga wanda zai kira da sunan mai saye ya ba da wani asusu daban.

Lokacin nunawa da yadda ake gwadawa

Sashe na 128 ya buƙaci duk sharaɗin da ke rage alhakin mai sayarwa a jawo hankalin mai saye gare shi a fili kafin a ƙulla ciniki. A aikace, wannan na nufin a tura sharuɗɗan a saƙo ɗaya da lambar asusu, ba bayan kuɗi sun shigo ba. Ga wanda karatun boko ke ba shi wahala, a karanta masa su cikin saƙon murya, amma a bar rubutun yana nan, domin shi ne shaida idan magana ta kai gaban hukumar FCCPC ko kotu.

Gwajin mai sauƙi ne. A ba wanda bai san shagon ba ya karanta sau ɗaya, a karɓe wayar, a tambaye shi: idan atamfa ta zo a yage, wa zai biya kuɗin mota? Kwana nawa zai jira kaya? A ina zai karɓa? Duk tambayar da ya yi jinkirin amsawa, jumlarta ce ba ta gyaru ba. Bayan an fara aiki da sabon rubutun, saƙonnin masu saye su ne ma'auni na biyu. Idan har yanzu ana tambayar "kuɗin saƙon na cikin farashin ne?" sau da yawa a mako, to amsar tana ƙasa sosai a rubutun, sai a ɗago ta kusa da farashin kaya.