Agogon zamani: jin waƙa a lokacin gudu ba tare da waya ba

Mai motsa jiki da asuba a Sabon Gari, Maraɗi, ko kan hanyar Tibiri da Jiratawa, zai iya barin wayarsa a gida ya saurari waƙa ko karatu daga agogonsa. Sharaɗin shi ne agogon ya kasance yana da ma'ajiyar sauti a cikinsa, kuma yana haɗuwa da abin kunne ta Bluetooth.

A nan ne masu saye ke yin asara. Yawancin agogon masu arha umarni kawai suke bai wa waya, da an yi nisan kusan mita 10 da ita sai sautin ya yanke. Kafin a biya kuɗi, a kashe wayar a gwada. Idan waƙar ta ci gaba, agogon na ajiye ta.

Misali, Garmin Forerunner 245 Music, wanda ya fito a 2019, yana ɗaukar waƙoƙi kusan 500. Ana zuba masa MP3 daga kwamfuta ta manhajar Garmin Express. Sai dai kunna GPS tare da waƙa na cinye batirinsa cikin kimanin awa 6, don haka a cika cajinsa tun da dare.