Ma'anar manyan kalmomin Turanci huɗu da ke cikin takardar haya

A garuruwa irin su Masama da sauran yankunan Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, an saba ƙulla hayar gida ko shago ko fadama da baki, a gaban shaidu ko mai unguwa. Amma idan ɗaya ɓangaren kamfani ne ko ƙungiyar manoma ko hukuma, yawanci lauya ne ke rubuta takardar, kuma da Turancin shari'a yake rubuta ta. Da zarar mutum ya sa hannu, kotu za ta riƙe shi da abin da ke rubuce, ko da ya saɓa wa abin da aka faɗa masa da baki. Kalmomi huɗu ne suka fi yawan bayyana, kuma biyu daga cikinsu su ne ke tantance wanda zai ɗauki asara idan abu ya lalace.

Domin sauƙin bayani, a ɗauki misalin manomin da ya karɓi hayar fadama hekta 2 don noman shinkafa, na tsawon shekara 3, a kan naira 300,000 kowace shekara.

Lessor da lessee

Kalmar "lessor" na nufin mai ba da haya, wato mai fadamar a wannan misali. "Lessee" kuwa shi ne ɗan haya, manomin da zai biya kuɗi ya yi amfani da ita. Malaman fiƙihu na kiran na farko mu'ajjir, na biyu musta'ajir. Da yake kalmomin biyu sun yi kama a rubuce, ana yawan rikita su. Akan bayyana wane ne wane sau ɗaya tak a farkon takarda, daga nan ba a sake ambaton sunaye. Don haka wajibi ne a duba wanda aka ɗora wa kowane nauyi, kamar gyaran rijiyar ban ruwa ko biyan haraji, domin haruffa biyun ƙarshe kaɗai ke raba mai biya da wanda ake biya.

Abin da ɗan haya ya samu shi ne ikon amfani da wurin shi kaɗai har wa'adi ya cika. Mallaka ba ta koma hannunsa ba. Haka kuma haya ta bambanta da jingina, inda mai gona ke mayar da kuɗi kafin ya karɓi gonarsa. Shi kansa mai ba da hayar yana da iyaka: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma wanda ke riƙe da takardar mallaka ta gwamna yana buƙatar amincewarsa kafin ya miƙa haƙƙinsa ga wani. Hayar da ta wuce shekara 3 ita ce ta fi buƙatar cikakkiyar takarda ta lauya.

Indemnity

Wannan alƙawari ne cewa ɓangare ɗaya zai ɗauke wa ɗayan asarar da ta faɗo masa ta wata hanya da aka ambata. A takardun haya, galibi ɗan haya ne ke ɗaukar alƙawarin.

A ce manomin ya ƙone karan shinkafa bayan girbi, iska ta kai wutar gonar maƙwabci, ta cinye amfanin naira 400,000. Maƙwabcin ya kai ƙarar mai fadama, shi kuma ya kashe naira 100,000 wajen lauya. Idan akwai wannan sharaɗi, duka naira 500,000 na iya komawa kan manomin, kuɗin da ya zarce hayar shekara guda. Ya bambanta da kuɗin ajiya da ake bayarwa tun farko saboda ɓarna, domin kuɗin ajiya adadinsa sananne ne, wannan kuwa ba shi da iyaka sai an sa masa.

Haɗarin yana cikin faɗin lafazi. Idan aka rubuta cewa ɗan haya zai ɗauki duk wata asara ko ta yaya ta auku, mai fadama na iya neman ya biya har ɓarnar da ba shi ya jawo ta ba. Gyaran da ake nema kafin sa hannu shi ne a taƙaita alƙawarin ga laifi ko sakacin ɗan haya da ma'aikatansa, a kuma sa masa iyakar kuɗi. Ya dace shi ma mai fadama ya ɗauki irinsa, idan wani magaji ya fito daga baya yana ikirarin filin nasa ne.

Force majeure

Asalin lafazin Faransanci ne, ma'anarsa ƙarfin da ya rinjayi mutum. Ana nufin abin da ya auku ba da laifin kowa ba, ya kuma hana cika alƙawari, kamar ambaliya ko yaƙi ko umarnin gwamnati. Manoman Kebbi sun ga irinsa a daminar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, wannan kariya ba ta zuwa da kanta. Sai an rubuta ta, kuma kotu na bin abubuwan da aka lissafa ne. Idan an ambaci yaƙi da gobara aka bar ambaliya, manomin fadama na iya rasa mafita. Tsadar taki ko man injin ban ruwa ba ta shiga ciki, domin ta sa aiki ya yi wuya ne kawai, ba ta hana shi ba.

Na biyu, takardu da yawa na cewa sharaɗin bai shafi biyan kuɗi ba. Idan haka ne, ko ruwa ya cinye shukar shekara ta biyu, naira 300,000 na nan a wuyan manomin. Saboda haka ake so a rubuta ƙarara ko za a yafe hayar wannan shekara, ko a rage ta, ko a ƙara wa'adi, da kuma kwanakin da aka ba wanda abin ya shafa ya sanar a rubuce. Wanda ya bari kwanakin suka wuce na iya rasa kariyar.

Idan babu sharaɗin, abin da ya rage shi ne a roƙi kotu ta ce yarjejeniyar ta rushe saboda cika ta ya gagara. Kotun Ƙoli ta amince da haka a 1978 a shari'ar Araka da kamfanin Monier, kan wani gida a Fatakwal da yaƙin basasa ya hana ɗan haya amfani da shi. Asarar damina ɗaya cikin uku da wuya ta kai wannan matsayi. A mazhabar Malikiyya ma akwai bambanci makamancin wannan: idan ruwa ya mamaye gona har lokacin shuka ya wuce, haya ta faɗi, amma idan ambaliyar ta zo bayan lokacin shuka ta halaka amfani, haya na nan.

Ga wanda ba ya karanta Turanci, doka ta tanadi cewa marubucin takardar ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaida cewa an karanta wa mutumin ita, an kuma fassara masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ya fi dacewa mai fassarar ya zama wanda ɗan hayar ya zo da shi, kuma kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa mai ɗauke da sa hannun shaidu.